Bitwarden ko KeePassXC: wanne ya dace, kuma yaya za a kwashe kalmomin sirri daga Chrome?

"Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Wunti, nan Bauchi. Duk kalmomin sirrina suna cikin Chrome na kwamfutar shago, yarana kuma suna aiki da ita. An ce in koma Bitwarden ko KeePassXC. Wanne ya fi, kuma yaya zan kwashe su ba tare da na yi asara ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Manhajojin biyu kyauta ne, kuma dukansu suna kulle kalmomin sirri da babbar kalma guda ɗaya wadda kai kaɗai ka sani. Inda suka rabu shi ne wurin da ma'ajiyar take zaune.

KeePassXC yana ajiye komai a fayil guda mai ƙarewa da .kdbx a cikin kwamfutarka, ba ya neman rajista, ba ya neman intanet. Wannan ne ƙarfinsa, domin babu wani kamfani da yake riƙe da kwafin ma'ajiyarka, kuma masu wannan ra'ayi suna da hujja, tun da a shekarar 2022 ɓarayin intanet sun kwashe kwafin ma'ajiyoyin masu amfani da LastPass, wata manhajar adana kalmomin sirri da take ajiye ma'ajiyoyi a sabarta, duk da cewa a kulle suke. Sai dai nauyin kula da fayil ɗin yana wuyanka. Idan wutar lantarki ta ƙona kwamfutar ko aka sace ta, alhali ba ka da kwafi a wani wuri, to komai ya tafi. Ba shi da manhajar waya ta kansa, sai ka saka wata irin su KeePassDX, ka riƙa kai fayil ɗin waya da kanka, kuma ranar da ka canza wata kalma a kwamfuta ka canza wata a waya, za ka wayi gari da fayiloli biyu da suka saɓa wa juna.

Bitwarden kuwa yana kulle ma'ajiyar a na'urarka kafin ya aika ta sabar kamfanin, saboda haka abin da yake hannunsu a rufe yake. Tsarinsa na kyauta bai ƙayyade yawan kalmomi ko yawan na'urori ba, kuma abin da ka saka a kwamfuta zai bayyana a waya da kansa. Idan data ta ƙare kana iya buɗe ma'ajiyar ka karanta a na'urar da ka riga ka shiga, amma ba za ka iya gyara ko ƙara sabo ba.

A halin da kake ciki, Bitwarden nake ba ka shawara, saboda dalili ɗaya: kwamfutar shago ba taka ce kai kaɗai ba, kuma bai kamata ma'ajiyarka ta dogara da ita ba. KeePassXC ya fi dacewa da mutumin da yake da kwamfutar kansa kuma ya saba ajiye kwafi a filashi ba tare da an tuna masa ba.

Kafin ka taɓa Chrome, ka buɗe asusu a vault.bitwarden.com. Babbar kalmar ba za ta gaza haruffa 12 ba, amma ya fi kyau ka jera kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, ba karin magana ba, ba sunayen 'ya'ya ba. Ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida tare da takardun fili, domin idan ka manta ta kamfanin ba shi da ikon buɗe maka. Daga nan ka kunna Two-step login da manhajar da take ba da lamba a waya, ka kwafe recovery code, wato lambar da za ta ba ka damar shiga idan wayar ta ɓace, a kan wannan takardar. Ka rubuta kalmar sirrin imel ɗinka ma a kanta, saboda ranar da wayar ta ɓace kana iya bukatar imel ɗin alhali kalmarsa tana cikin ma'ajiyar da kake neman buɗewa.

Kwashewar ce wurin haɗari. Ka yi ta bayan an tashi daga shago. Ka rubuta wannan a adireshin Chrome:

```
chrome://password-manager/settings
```

Ka nemi Export passwords ka danna. Windows zai tambaye ka lambar buɗe kwamfutar, sannan ya ba ka fayil mai ƙarewa da .csv. Wannan fayil ba a kulle yake ba. Duk wanda ya buɗe shi da Excel zai ga adireshin kowane shafi, sunan shiga da kalmar sirri a jere. Saboda haka kada ka tura wa kanka shi ta WhatsApp ko imel, kada ka saka shi a filashin da kwastomomi suke kawo aiki, kuma ka duba kada ya faɗa Desktop ko Documents idan OneDrive yana kwashe su zuwa intanet, domin kwafi zai haura can kafin ka goge na kwamfuta.

Nan take ka koma Bitwarden, ka shiga Tools, sannan Import data, ka zaɓi Chrome (csv), ka ɗora fayil ɗin sau ɗaya. Na ce sau ɗaya domin Bitwarden ba ya tace maimaici, idan ka ɗora sau biyu kowace kalma za ta fito sau biyu. A ce fayil ɗin yana da layi 81. Layin farko kanun ginshiƙai ne, don haka 80 ya kamata su shiga. Idan ka ga 160 ka maimaita ɗorawa. Idan ka ga ƙasa da 80, ko kalmar sirri ta zauna a gurbin suna, mai yiwuwa ka zaɓi wani tsari da ba na Chrome ba, ko ka buɗe fayil ɗin a Excel ka sake adana shi, wanda yakan cire sifilin farko na kalmar da lambobi ne zalla kamar 004417. Ka gwada shiga shafuka huɗu ko biyar masu muhimmanci da abin da yake cikin Bitwarden, imel a gaba. Idan sun buɗe, ka goge fayil ɗin da Shift+Delete domin kada ya tsaya a Recycle Bin.

Gogewa ba ta tabbatar da cewa gwani ba zai iya tono fayil ɗin ba, kuma dama yaranka da suka san lambar buɗe kwamfutar suna da ikon ganin kalmomin tun tuni. Wannan ba zargi ba ne gare su, amma ya wajaba ka canza ta imel, ta banki da ta Facebook a ranar, ka bar Bitwarden ya ƙirƙiro maka sababbi.

Ka bar na cikin Chrome kamar mako guda har ka gamsu, sannan ka goge su, ka kashe Offer to save passwords. Ka lura da abu ɗaya kafin gogewar: passkeys, wato makullan da ake shiga shafi da su ta hanyar yatsa, fuska ko lambar buɗe na'ura maimakon kalmar sirri, ba sa fita a fayil ɗin .csv, kuma maɓallin goge dukkan bayanan Google Password Manager yana haɗawa da su, don haka ka fara tabbatar kana iya shiga waɗannan shafukan da kalmar sirri. A kwamfutar shago ka fitar da asusunka na Google daga Chrome, ka buɗe wa yara nasu asusun Windows daban, kuma idan ka saka Bitwarden a burauzarta ka saita Vault timeout a minti biyar domin ta kulle kanta duk lokacin da ka tashi zuwa masallaci.