Rigar ruwan da na sayo a gwanjo, bayan damina biyu a kan babur

Abin da ya sa na saye ta shi ne duk abin rufe riga an haɗa mata: zif a gaba, botin ƙarfe na dannawa a kan marfin da ke rufe zif ɗin, belkuro, wato abin mannawan nan mai ƙara in an ɓalle shi, a wuyan hannu da bakin aljihu, sai maɓallin ɗinki biyu a wuya. Aikina sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, kullum ina kan babur, rani da damina.

Ranar da zif ya tona min asiri ba zan manta ba. Na taso daga kasuwa da yamma, hadari ya haɗo, na ja zif har wuya. Ban yi nisa ba na ji sanyi a cikina. Ina dubawa, kan zif na nan a sama abinsa, amma haƙoran sun rabu tun daga ƙasa, riga ta wangale. Na tsaya na ja shi ƙasa, na sake jan shi sama, yana tafiya yana barin haƙora a buɗe a bayansa. Ruwa kuwa kamar da bakin ƙwarya. Botin ƙarfen nan biyar da na raina su suka rufa min asiri, na danna su ƙas ƙas, na iso gida rabin jikina a jiƙe, littafin lissafina ya zama kunu. A daren nan na rantse ni da zif har abada.

Washegari na kai wa wani dattijon tela na ce a cire shi a sa min maɓalli. Ya juya rigar ya ce, "Malam, zif ɗinka lafiyarsa ƙalau, kansa ne ya buɗe baki." Ashe irin nawa na leda ne mai siraran haƙora kamar murɗaɗɗen zare, kuma ƙurar hunturu da yashin hanya da suke shiga ciki su ke cin ƙarfen kan a hankali har ya daina matse haƙoran su haɗu. Ya ɗauko filaya ya matse gefe da gefe kaɗan, ya gwada, ya ƙara kaɗan. Minti biyu, ya koma kamar sabo. Ya ce in aka matse da ƙarfi kan zai karye, kuma wannan gyaran na ɗan lokaci ne. In ya sake, a canza kan, a duba lambar da ke bayansa, nawa 5 ce, a sayo daidai ita. Wanda ba ya gyaruwa shi ne in haƙori ya fita ko ɗan tsinken ƙasa da ake zurawa ya yage, nan sai sabon zif gaba ɗaya. Ya hana ni sa masa man keke, wai ƙura yake kira. In wanke da tsohon buroshi, in goga kyandir.

To sai na janye rantsuwata, don iska ba ta ratsa zif, kuma da hannu ɗaya ake jan sa ko da safar hannu. Maɓallin ɗinki fa? Sai ka tsaya ka cire safa, yatsu sun ƙage da sanyi kana laluben rami. Amma shi kaɗai ne in ya fita zan mayar da shi da kaina da allura da zare.

Wanda ya ci amanata da gaske belkuro ne. Watan farko in ka ɓalle shi sai na kusa da kai ya waiwayo. Yanzu ko ƙara ba ya yi. An ce daga irin ƙayar ciyawa mai maƙalewa a tufafi wani injiniya ɗan Suwizalan ya samo dabararsa, to wallahi ya gane danginsa: karangiya, zaren buhu, ƙaiƙayin gero, babu wanda bai kwasa ba. Na zauna da allura na tsince ɓangaren ƙugiyoyin tas, ya ɗan kama, amma ɗaya ɓangaren mai laushi ya riga ya tashi kamar gashin tsohon bargo, wannan ba shi da magani. Ga shi ya ja min zaren hular sanyi, ya lalata wa maiɗakina mayafi da aka jiƙa su tare, na sha magana. Wayata ma saura ƙiris ta faɗi daga aljihun da nake zaton a rufe yake.

Su ma botin ƙarfen da nake yabo, ɗaya ya yi tsatsa ya ƙi buɗuwa, na fizga, ya taho da yadin, ya bar rami. Laifina ne, da na sa farce a ƙarƙashinsa na ɓanɓare. Telan ya ce zai sa ƙyalle mai kauri a ciki kafin ya buga wani, kuma na ce ya cire belkuron aljihun nan ya sa min zif.