Kwas ɗin gano tsauni daga hoto: darasin iyakar bishiyoyi ya biya kuɗinsa

Kwas ne na intanet da aka shirya wa masu tantance hotuna. Na saya saboda aikina yana haɗa ni da hotunan da ake yaɗawa a ce an ɗauke su a wuri kaza. Sashen tsaunuka ne ya fi yi mini amfani, kuma a kansa zan tsaya.

Malamar ta fara da iyakar bishiyoyi, wato layin da daji yake yankewa a jikin tsauni, sama da shi sai ciyawa da duwatsu. Sanyi ne yake ja wannan layi. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5, kuma bishiya ba ta iya girma inda matsakaicin zafin lokacin tsiro ya gaza digiri 6 zuwa 7. Shi ya sa layin yake sauka idan aka nufi ƙuryar arewa ko kudancin duniya. A kudancin Norway yana wajen mita 1,100, a tsaunukan Alps na Turai wajen 2,000 zuwa 2,300, a Colorado ta Amurka kusan 3,500, a Himalaya kuwa yana kai 4,000. Ta nanata cewa layin ba zai ba ka tsayi ba sai ka fara sanin yankin, kuma irin bishiyar ce take tona asirin yankin. Wannan jerantawa ita ce ribar da na fi samu.

Aikin gwajin da aka ba mu hoton kwari ne, da kogin ƙanƙara, wato tarin ƙanƙara mai gangarowa a hankali daga tsauni, shimfiɗe a ƙasa, ga baƙaƙen zane biyu suna bin tsakiyarsa tun daga sama. A gaban hoton akwai bishiyoyi masu ganyen allura, wasu kore shar, wasu sun rikiɗe ruwan ɗorawa. Rikiɗar nan ta nuna kaka ce, ta kuma fitar da New Zealand daga lissafi, domin dajin da ke iyakar tsaunukansu ba ya sauya launi. Bishiyoyin sun fara gajarta suna warwatsewa, alamar mai hoton yana dab da iyakarsu. Idan Alps ne, ke nan yana tsaye a wajen mita 2,000. Baƙaƙen zanen kuma tarkacen duwatsu ne da ke taruwa inda kogunan ƙanƙara suka haɗe, don haka zane biyu na nufin manyan rassa uku. Na buɗe Google Earth na bi manyan kogunan ƙanƙarar Alps, sai ga Aletsch na Suwizalan, mafi girma a cikinsu, da zanensa biyu da dajin da ke kallonsa daga sama. Manhajar PeakFinder ta zana mini kawunan tsaunukan daga wannan wuri, suka dace da na hoton.

A hoton nan ƙanƙara tana ƙasa da bishiyoyi, abin da kan ruɗar da mai koyo. Harshen kogin ƙanƙara yana gangarowa nesa da inda aka haife shi, saboda haka ba a auna tsayi da shi. Abin dubawa shi ne inda farar dusar ƙanƙara ta tsaya a kansa a ƙarshen lokacin zafi, wanda a Alps yake wajen mita 3,000. Sabuwar dusa kuwa tana iya rufe komai cikin dare ɗaya har ƙasan kwari. Amma idan ta fara narkewa takan daɗe a gangaren da ke fuskantar arewa a rabin duniya na arewa, a rabin kudu kuma akasin haka.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne Afirka, kuma abin ya dame ni, domin hotunan nan ne suka fi zuwa hannuna. An ambaci Kilimanjaro mai mita 5,895 a gurguje, ba a bayyana cewa dajinsa yana ƙarewa a wajen mita 3,000 ba, ƙasa da abin da mutum zai zata a kusa da ikweta. Ba a taɓo tsaunukan hamada ba ko kaɗan. A Ayar na Nijar ko Tibesti na Chadi, rashin ruwa ne ya hana daji, don haka tsauni tsirara a can ba ya nuna tsayi. Haka ma kiwo da sara da gobara suna sauke layin ƙasa da inda sanyi ya ajiye shi.

Duk da haka ina ba ɗan jarida ko mai tantance hoto shawarar ya saya, amma ya nemi bayanan tsaunukan Afirka a wani wurin.