Wasiƙa daga Jamus: yadda nake bin takardar banki layi-layi

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen gida. Ka tambaye ni ko bankunan Turai ma suna yankar kuɗin mutum kamar namu. Suna yanka, sai dai salon ya bambanta, kuma tunda ɗanmu yana shirin zuwa karatu, gara in warware maka shi sosai.

A gida ka san abin da muka saba: Naira 10, 25 ko 50 a kan tura kuɗi gwargwadon yawansu, da harajin kashi 7.5 a kan wannan cajin, da Naira 50 ta gwamnati idan kuɗin sun kai dubu goma, da kuɗin saƙon alat. Ƙanana ne, suna da yawa, amma wayarka tana ƙara kana gani. A nan tura kuɗi daga asusu zuwa asusu ta manhajar banki galibi kyauta ne, kuma babu saƙon tes da zai zo maka, sai in ka kunna sanarwa a manhaja da kanka. Babban bambancin shi ne yawancin abin da ke fita daga asusuna ba ni nake turawa ba. Kamfanin wuta, na waya, na intanet, na inshora, kowa ka sa masa hannu a takardar izini sau ɗaya, shi ke nan duk wata zai miƙa hannu ya ɗiba da kansa. A takardar banki, wadda ake rubuta wa Kontoauszug, irin wannan ɗiban yana fitowa da kalmar Lastschrift. Wanda ba ya karanta takardar nan zai iya shafe wata shida ana ɗibar masa abin da bai sani ba.

Duk farkon wata nakan sauke ta in zauna da biro. Kowane layi yana da ranar da aka rubuta shi, da sunan wanda ya karɓa, da bayanin dalili, da adadi mai alamar ragi ko ƙari. Cefane da kuɗin haya ba na daɗewa a kansu. Layukan Lastschrift nake tsayawa a kai, in gwada kowanne da na watan jiya.

Layin da ya fi razana sabon zuwa shi ne Yuro 55.08 da sunan Rundfunk ARD, ZDF, DRadio. Wannan ba kuskure ba ne. Kuɗin gidajen rediyo da talabijin na jama'a ne, Yuro 18.36 a wata tun 2021, ana haɗa na wata uku a ɗiba lokaci guda, shi ya sa wata biyu ba ka ganinsa sai ya faɗo maka a na uku. Ko ba ka da talabijin sai ka biya. Amma a kan gida ake biya, ba a kan mutum ba. Na ga ɗalibai uku a gida ɗaya kowa ana ɗibar masa, alhali mutum ɗaya ne ya kamata ya biya, sauran su aika lambar biyansa a soke nasu. Wannan ka gaya wa yaron tun yanzu.

Na biyu shi ne layin da bankin kansa yake sakawa a ƙarshen Maris, Yuni, Satumba da Disamba, da kalmar Abschluss. A nan kuɗin ruwa yake ɓuya. Bankunan nan sukan ba mai albashi damar ya ci gaba da kashewa bayan kuɗinsa sun ƙare, asusun ya koma ƙasa da sifili, su kira shi Dispo. Katinka ba zai ƙi aiki a kanti ba, don haka ba lallai ka lura ka shiga bashi ba. Ruwan sau da yawa ya haura kashi 10 cikin ɗari a shekara. Misali, haya ta fita ranar 1 ga wata, albashi bai shigo ba sai ranar 11, asusun ya zauna da ragin Yuro 300 na kwana goma. In ruwan kashi 12 ne, Yuro ɗaya kenan. Kuɗin ba su da yawa, amma riba ce, kuma ni ba na son ko sisinta ta shiga harkata, don haka na ce su rufe min wannan ƙofar. Rufewar ma tana da nata nauyin: duk ranar da wani kamfani ya zo ɗiba ya tarar kuɗi ba su isa ba, ɗiban zai koma, su ƙara maka cajin komawar a kan bashinka. Dole ka san ranar da kowa yake zuwa.

Ga abin da ya faru da ni bayan na tashi daga tsohon gidana. Na soke yarjejeniyar intanet ɗin can, kamfanin ya aiko min da takardar amincewa cewa ta ƙare a ƙarshen Fabrairu. Da takardar bankin Maris ta fito, sai ga Yuro 39.99 an ɗiba ranar 3 ga wata. Sunan da ke layin bai yi kama da wanda na sani ba, domin kamfanoni da yawa sunansu na rajista daban yake da na allon talla. Abin da ya tabbatar min su ne shi ne lambobi biyu da kowane Lastschrift yake ɗauke da su: Gläubiger-ID, lambar kamfanin da ya ɗiba, da Mandatsreferenz, lambar izinin da na sa wa hannu. Na buɗe takardar Janairu na gwada, lambobin iri ɗaya ne.

A nan ne tsarinsu ya fi namu nesa ba kusa ba. Doka ta ba ka mako takwas daga ranar ɗiban ka mayar da kuɗinka, ba sai ka faɗa wa banki dalili ba. Daga 3 ga Maris, wa'adina 28 ga Afrilu kenan. Idan kuwa ba ka taɓa ba da izini ba sam, wa'adin wata 13 ne. Na fara aika wa kamfanin saƙo haɗe da hoton takardar sokewar, da na ji shiru na shiga manhajar banki na danna layin na zaɓi mayarwa, kuɗin suka dawo. Na tuna yadda ka yi ta zarya a banki kan kuɗin da POS ya riƙe maka, kana cike fom kana jira, raina ya ɓaci ƙwarai, don hakkin mutum bai kamata ya zama abin roƙo ba.

Sai dai a yi hattara da wannan maɓallin. Mayar da kuɗi ba ya goge bashi. In da gaske suna binka, wasiƙar tuni za ta biyo baya da ƙarin caji, daga nan su miƙa ka ga kamfanin karɓar bashi, kuma abin yana iya ɓata maka suna a wurin Schufa, kamfanin da ke tara bayanan masu biyan bashi, wanda masu gidan haya suke neman takardarsa kafin su ba ka ɗaki. Ni takardar sokewa ce ta tsaya min. Sannan damar ta Lastschrift ce kaɗai. Kuɗin da ka tura da hannunka ba sa dawowa ta wannan hanyar, abin da ka saya da Visa ko Mastercard kuma sai ka shigar da ƙorafi a banki su bincika.

Idan yaron ya iso zan raka shi buɗe asusu. Bankuna da yawa ba sa karɓar kuɗin kula da asusu daga ɗalibai, amma sai ka kai musu shaidar makaranta, kuma da shekarunka sun wuce iyakar da suka sa cajin zai fara fita ba tare da kowa ya kira ka ba. Ka ce ya taho da takardar shiga jami'ar a jakar hannu, kada ya sa ta a akwati. A gaida Hajiya, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙaninka.