Sarƙa, sifok da birki-shu da na saka wa Boxer ɗina: abin da na gani bayan wata biyar

Yau wata biyar kenan da na canza sarƙa da siroket biyu, da birki-shu na baya, da wasu sifok a mashin ɗina, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda kayan suka yi min, tunda da farko kuɗina na zubar kafin in gane kan abin. Boxer ce 'yar 100, da ita nake ɗaukar kaya daga Gaya zuwa Wudil duk ranar Juma'a, wani lokaci buhu biyu a baya, sauran ranaku kuma ƙauyuka nake shiga, hanyar duk yashi ce da burji, to duk wanda ya san irin wannan aikin ya san ƙafar baya ita ke shan wahala.

Kuskuren da na fara yi shi ne sarƙa kaɗai na saya. Ta fara ƙara, tana dukan kwanonta kaf-kaf-kaf, ajasta kuma ta kai ƙarshe babu sauran inda za a ja, sai na shiga wani shago aka ba ni wata mai araha, kusan rabin kuɗin mai kyau, muka ɗora ta a kan tsofaffin siroket. Wallahi ko sati bakwai ba ta yi ba ta saki, rannan ina hawowa daga gada da kaya na ba da wuta sai na ji ta tsallake haƙori, ƙarar kamar an buga guduma a ƙarƙashina. Da na kai wa bakanikena, dattijo ne ya daɗe a sana'ar, bai ce komai ba sai da ya kwance kwanon sarƙar ya haska min siroket ɗin baya da tocilan waya. Haƙoran sun yi tsini, sun karkata gefe ɗaya kamar ƙugiya, ramin da ke tsakaninsu ya faɗaɗa. Ya ce min "ɗana, tsohuwar sarƙa ta riga ta sassaƙe haƙoran nan daidai tsawonta, sabuwa in ta hau ba za ta zauna a ramin ba, haƙori biyu ko uku ne kawai za su ɗauki duk nauyin, su cinye ta." Ya ce ko mai tsadar na ɗora a kansu haka za ta ƙare, sai dai ta ɗan fi jimawa.

A nan ya nuna min gwaji guda biyu da har yanzu nake yi. Na farko ba ya buƙatar komai sai yatsa: ka kama sarƙar a can bayan siroket, daidai inda ta naɗe shi, ka ja ta waje. In lafiyarta ƙalau da ƙyar za ta motsa, in kuwa ta ɗaga har kana hango rabin haƙori a ƙarƙashinta, ta gama aiki. Na biyun da tef ake yi, kuma shi ya fi gamsar da ni. Sarƙar irin mashinanmu tazarar fin ɗaya zuwa na gaba milimita 12.7 ne, wato rabin inci, saboda haka in ka ja ta ta miƙe sosai ka ƙirga fin 21, daga tsakiyar na farko zuwa tsakiyar na ƙarshe, sabuwa za ta ba ka milimita 254. In ta kai wajen 259 ko 260 a canza ta. Wadda na saya mai arahar nan 261 muka samu, a sati bakwai fa. Kuma ba wai ƙarfen ne yake talewa kamar roba ba, fin ɗin ne da bututun da yake juyawa a ciki suke cinyewa, kowace gaɓa ta ɗan saki kaɗan, in aka tara su sai ka ga tsawo ya ƙaru. Ka auna a wuri biyu ko uku, don ba ta cinyewa bai ɗaya.

Da na koma saye sai na tafi da tsohuwar sarƙar da siroket ɗin a leda. Abu na farko da za ka duba lambar da ke jikin sarƙar ne, an buga ta a gefen faranti, tawa 428 ce. Akwai 420 da take kama da ita ƙwarai, tazarar fin ɗinsu ɗaya ce, amma ta fi ta matsewa a ciki, wajen milimita 6 da ɗoriya, ita kuwa 428 ta kusa 8, don haka 420 ba za ta zauna a kan siroket ɗin 428 ba, in kuma ka yi akasin haka sarƙar za ta dinga yawo gefe da gefe. Na ɗauki 428H, wannan H ɗin yana nufin farantanta sun fi kauri, don masu ɗaukar kaya irina ita ta dace. Sai muka ƙirga gaɓoɓi da haƙora aka ba ni daidai da na da, na gaba 14 ne. Mai shagon ya so ya ba ni na baya mai ƙarin haƙora wai zai fi ja, gaskiya ne zai fi ja a tashi, amma gudu zai ragu injin ya dinga kuka a kan kwalta, kuma sarƙar sai an ƙara mata tsawo, na ce a bar min yadda take. Na ɗora sabon a kan tsohon na tabbatar ramukan noti sun hau juna kafin in biya.

Wajen ɗaurawa abu biyu na tsaya a kai na gani da idona. Ɗan kilif ɗin da ke kulle joyin, rufaffen kansa ne zai kalli inda sarƙar take tafiya, buɗaɗɗen bakin ya kalli baya, in an juya shi wani abu zai iya ƙwace shi a hanya sarƙa ta tsinke. Sai sakin sarƙar, mun bar mata wasa sama da ƙasa kamar milimita 25 zuwa 30 a tsakiya, bayan mun juya ƙafar mun nemo inda ta fi ɗaurewa muka auna a nan. Yara masu gyara da yawa suna ɗaure ta tam kamar tsirkiya don kada ta yi ƙara, alhali in ka ɗora buhu mashin ya zauna sai ta ƙara ɗaurewa, ta ci kanta ta ci boris. Ajasta ta hagu da ta dama kuma layinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba ƙafar ta karkace.

Yanzu bayan wata biyar na sake aunawa shekaranjiya, 255 na samu, sau biyu kawai aka ja min ita, haƙoran kuma kansu na nan a faɗaɗe bai yi tsini ba. Duk sati biyu ina wanke ta da kananzir da tsohon burushi, in bar ta ta bushe, in ɗiga mata man giya mai kauri ta ciki, in goge wanda ya yi yawa. Na daina zuba mata baƙin mai, don da yashin hanyarmu ya haɗu da shi sai ya zama kamar sanfefa. Abu ɗaya da ban ji daɗinsa ba, bayan ruwan sama biyu gefen farantan ya fara nuna tsatsa, ba ta hana aiki amma a kuɗin da na biya ban so ganin haka ba.

Maganar birki kuwa, Boxer ɗina duram ce gaba da baya, shu ne a ciki. Alamar da ta fara nuna min ita ce feda tana nitsewa, a ɗaure notin sandar, bayan kwana kaɗan ta sake nitsewa, har zaren ya kusa ƙarewa. Da aka buɗe, fatar da ke jikin shu ɗin ba ta kai milimita 2 ba a gefen da kam, wato ƙarfen da ke buɗe shu ɗin in an taka birki, yake tura ta, sabuwa kuwa wajen 4 take. Na farkon da aka kawo min na mayar, don da muka saka shi a cikin duram ɗin muka haska, tsakiyarsa kawai ke taɓawa, bakinsa biyu a sama suke, ga gam ɗin da aka liƙa fatar da shi yana da ɗan tsagu a gefe, irin wannan in ya yi zafi fatar tana iya ɓallewa ta maƙale ƙafar gaba ɗaya. Na biyun ya kwanta luf, sifirin ɗinsa ma ya fi ƙarfi. Baba bakanike ya goge cikin duram ɗin da sanfefa ya kashe sheƙin, ya shafa ɗan giris a jikin kam kaɗai, ya ce kada ko ɗigo ya taɓa fatar. Kwana ukun farko bai kama sosai ba sai da ya zauna, daga nan ya yi daidai. In ya kwana a raɓa yana ɗan kuka da safe, taka biyu ya daina.

Sifok ne na fi raina wa, kuma su suka kusa ja min asarar rim. Tun kafin nan ina jin bayan mashin yana ɗan lilo in na ɗauko kaya, na ɗauka iska ce ta yi ƙasa. Mai ɗaurin ƙafa ya ɗaga mashin ya ɗauki ƙaramar sifana yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, mai kyau sai ka ji tin, sakakke kuma ka ji ɗif. Cikinsu guda biyu sun karye a wuya, daidai inda suka lanƙwasa suka shiga hob, bakwai kuma sun saki, wasunsu notin ya yi tsatsa ba ya ma juyawa. Ashe ɗaya in ya karye nauyinsa kan maƙwabtansa yake komawa, haka za su yi ta bin juna. Na ce a ba ni ko wane iri a saka, ya ce a'a, na ciki da na waje lanƙwasar wuyansu ba ɗaya ba ce, kuma tsawo da kauri sai sun zo daidai da na da. Wanda ya yi tsawo zai leƙo ta cikin noti ya huda tiyub, gajere kuma zare kaɗan zai kama ya zame. Ya cire ɗaya na ciki ɗaya na waje muka je da su aka gwada a tafin hannu. Tara muka canza, ya ɗaura yana juyi kaɗan-kaɗan yana zagayawa har rawar rim ɗin ta dawo ƙasa da milimita 2, ya goge kan da ya ɗan leƙo, ya saka sabuwar robar rim.

Bayan sati biyu na koma ya sake bin su, uku daga cikin sababbin sun ɗan saki ya ƙara musu, tun daga nan ba wanda ya karye. Sai dai farin jikinsu ya fara dusashewa, na asalin da suka zo da mashin ɗin sun fi su riƙe haske. Juma'ar nan in na sauke kaya a Wudil zan tsaya a duba min shu ɗin gaba, don hannun birkin ya fara kusantar kan mashin.