Lensi ɗaya yana kuskuren fokas: me ya kamata ka saya, me za ka bari?

Hotunan wani kamu da na ɗauka a Birnin Kebbi ne suka sa na zauna na koyi wannan abu. A allon kyamara komai ya yi kyau, sai da na buɗe su a laftof na ga lallen hannun amarya ya fito tar, bakin mayafinta ma haka, amma idanunta sun ɗan dushe kamar an hura musu hazo. Da na kai alban, uwar amarya ta daɗe tana kallon hoto ɗaya, sannan ta ce, "Ɗana, mi yas sa idon ɗiyata bai fito ba?" Ni kuwa na san a kan idon na ɗora akwatin fokas na tsakiya. Duk hotunan da suka yi haka da lensi guda na ɗauke su, wani 50mm f/1.8 da na saya na hannu.

Abin da ke jawo wannan a kyamarar DSLR, wato mai madubi a ciki, shi ne wurin da ake auna fokas daban, wurin da hoto ke sauka daban. Idan kana leƙe ta tagar sama, wani kaso na hasken yana ratsa babban madubi, ya bugi wani ƙaramin madubi a bayansa, ya gangara zuwa na'urar auna fokas da ke ƙasan kyamara. Hoton kuma a kan sensa yake sauka. In tsawon hanyoyin nan biyu ya ɗan saɓa, sannan lensin ma ya zo da nasa ɗan saɓanin, sai kyamara ta yi ƙarar cewa ta kama alhali kaifin ya faɗi gaban abin da ka saita, ko bayansa. Lensi mai faɗin buɗa ne ke tona asiri. A f/1.8, da 50mm a kan ƙaramar sensa, daga nisan mita ɗaya da rabi, zurfin wurin da ke fitowa da kaifi bai wuce santimita 6 zuwa 7 ba. Lensin da ke zuwa tare da kyamara kuwa, a f/5.6, yana iya rufe kuskuren shekara da shekaru ba ka sani ba.

Kafin maganar saye, buɗe jerin saitin kyamararka. A Nikon sunan abin AF fine-tune, a Canon kuma AF Microadjustment. A Nikon, D7000, D7100, D7200, D610 da D750 suna da shi. Jerin D3000 da na D5000 ba su da shi. A Canon akwai shi a 50D, 7D, 70D, 80D, 6D da 5D Mark II zuwa sama, amma babu a 60D, babu a 600D da 700D. In kyamararka ba ta da shi, allon gwaji mafi tsada zai nuna maka ciwon ne kawai, ba zai ba ka wurin shafa magani ba. Na ga wanda ya yi odar kayan gwaji daga Legas kafin ya duba wannan.

Zaɓin farko ba ya cin ko kwabo, kuma da shi nake ba kowa shawarar farawa. Ka samu kwali mai miƙaƙƙiyar fuska, ka manna masa shafin jarida mai baƙin rubutu. Ka manna tef ɗin tela a jikin katako, ka jingina shi a gefen kwalin a karkace, kamar rabin tsakanin kwance da tsaye, yadda lamba 50 za ta yi daidai da fuskar kwalin, ƙananan lambobi suna ɓangarenka. A kan jaridar za ka yi fokas, tef ɗin na karatu ne kawai. Masu saita fokas a kan rula karkatacciya, ko kan batura biyar da aka jera a kaikaice, suna yaudarar kansu, domin wurin da na'urar ke gani ya fi akwatin da kake gani a taga faɗi, tana iya kama batirin gefe ta ce maka lensi ne da laifi.

Nisan da aka fi amfani da shi shi ne tsawon lensi, lambar mm da ke jikinsa, sau 50, wato mita biyu da rabi ga 50mm. Na kafa kyamara a kan ƙafa-uku a inuwar baranda da hantsi, daidai tsayin kwalin, na buɗe lensi zuwa f/1.8, akwatin fokas ɗaya na tsakiya, fokas mai kamawa sau ɗaya, wato AF-S a Nikon ko One Shot a Canon. Na sa agogon daƙiƙa biyu don kada hannuna ya girgiza ta. Kada ka yi gwajin nan da kwan fitilar ɗaki mai ja-ja, kuma kada ka yi shi a fili da tsakar rana a kan abu mai nisa, don a zafin Afrilu iskar kanta rawa take yi.

Hoton farko da Live View na ɗauke shi, wato ina kallo a allon bayan kyamara ba ta taga ba, domin a nan sensar da kanta ke auna fokas. Kaifin ya zauna a kan 50 cif. Wannan ya gaya mini gilashin lafiya lau yake. Da a ce a Live View ma hoton ya dushe, to ba maganar saiti ba ce, lensin ne ya faɗi ko ya yi laushi, kuma babu lambar da za ta gyara shi. Sai na koma leƙe ta taga na ɗauki biyar, kafin kowanne ina murza zoben fokas ya ɓace gaba ɗaya don kyamara ta sake nema daga farko. Huɗu sun sa tsakiyar kaifi wajen 40, ɗaya wajen 42. Santimita 10 a tef mai wannan karkata kusan santimita 7 ne na ainihin nisa. Fokas yana faɗuwa gaba, kuma kullum gefe ɗaya. Wannan "kullum" ɗin shi ne abin dubawa: da wani ya faɗi 40, wani 58, wani 47, to lamba ɗaya ba za ta yi maganinsa ba, sai a duba ƙarancin haske, ƙurar hunturu da ta sauka a na'urar fokas, ko injin lensi da ya gaji.

Na ari 85mm f/1.8 wajen wani abokin sana'a na maimaita, ya sauka daidai. Ashe ba kyamarar ba ce. Shi ya sa na sa gyaran a Saved value, wanda a Canon ake kira Adjust by lens, ban taɓa Default ko All by same amount ba, don wannan zai ja duk sauran lensunanka su bi kuskuren guda ɗaya.

Lambobin suna tafiya daga -20 zuwa +20. A kamfanonin biyu, + yana tura fokas nesa da kai, - yana jawo shi kusa. Nawa gaba yake faɗuwa, don haka + nake buƙata. Na gwada +5, +10 da +15, hoto biyar-biyar, ina rubuta lambar a takarda ina ajiye ta cikin hoton don kada su cakuɗe. A +10 kaifin yana wajen 48, a +15 ya wuce zuwa 53. Na tsaya a +12. Daga nan na kira yaron shagona ya tsaya, na ɗauke shi daga mita ɗaya da rabi, sannan daga mita shida. Ya leƙa allo ya ce, "Maigida, har gashin ido ana ƙirgawa."

To, me kuɗi ke ƙara maka a kan kwali da tef? SpyderLensCal na kamfanin Datacolor kusan abin da na haɗa ne, sai dai an ƙera shi da kyau: faranti mai baƙi da fari, rula a karkace, ƙwayar ruwan awon daidaito, da ramin ɗaura shi a ƙafa-uku. LensAlign ya ɗara shi da abu ɗaya mai amfani, ramukan leƙe da ke tabbatar maka fuskar allon tana kallon sensa kai tsaye, wanda shi ne wurin da kwali ya fi cin amana. Idan kana da kyamara biyu da lensi huɗu ko biyar, ko kana sayar da na hannu kana son gwadawa gaban mai saye, ɗaya daga cikinsu ya cancanci kuɗinsa. Don lensi ɗaya kam, ni ban ga dalili ba.

Manhajar FoCal ta kamfanin Reikan tana haɗa kyamara da laftof ta wayar USB, ta ɗauki hotuna a lambobi daban-daban, ta auna kaifinsu, ta ba ka lamba. Tana cire gardamar ido, kuma tana nuna yadda lensi ke maimaita kansa. Amma a kyamarori da yawa kai ne za ka riƙa canza lambar da hannu duk lokacin da ta ce, kuma tana son haske tsayayye. Mai Nikon D500, D7500, D850 ko D5 ya fara gwada abin da ya riga ya biya: a Live View ka kama fokas, ka danne maɓallin yanayin fokas da na ɗaukar bidiyo tare na ɗan lokaci, kyamara ta lissafa lambar da kanta. Yi sau biyar ka ɗauki ta tsakiya, don ba kullum take ba da amsa ɗaya ba.

Inda lambar cikin kyamara ke gazawa shi ne idan kuskuren yana canzawa da nisa. Ka gyara a mita biyu, ka je gaɓar Matan Fada a Argungu kana ɗaukar masunta daga nesa, sai ka ga ya koma faɗuwa baya. Kyamara lamba ɗaya take riƙe wa lensi, ko biyu ga mai zum a irin su 70D, 80D, 5D Mark III da D780, ɗaya ga kowane ƙarshe. Nan ne USB Dock na Sigma da TAP-in Console na Tamron ke shigowa. Ana ɗaura lensin a kansu kamar murfin baya, a rubuta gyaran cikin lensin kansa. Na Sigma, wanda ya fito a 2013, yana ba da nisa huɗu ga lensi marar zum, gurabe 16 ga mai zum, kuma lensunan Art, Contemporary da Sports kawai yake karɓa. Na Tamron ya zo a 2016, da nisa uku. Kowanne nasa kamfanin kawai yake yi wa aiki, kuma sai ka sayi mai bakin kyamararka, na Canon ko na Nikon. Alherinsu shi ne suna aiki ko da kyamararka D5300 ce ko 700D marar wurin saiti. Wahalarsu kuma cire lensi, ɗaurawa, mayarwa, sake gwaji. Cika gurabe 16 zai iya cinye maka yini guda.

In ka kai +20 ko -20 har yanzu bai isa ba, ko duk lensunanka suna neman babbar lamba a gefe ɗaya, kada ka ƙara sayen komai, kai wa mai gyara lensin tare da kyamarar, ba ɗaya kaɗai ba. Wasu za su ce maka ka koma kyamara marar madubi ka huta. Gaskiya ne irin wannan kuskuren kusan ba ya tasowa a can, tunda a kan sensa ake auna fokas, amma sauya kyamara saboda lensi ɗaya ya yi tsada, sai in dama kana da niyya.

Mai shirin sayen lensi na hannu ya tafi da kyamararsa da shafin jarida. A manna shi a bangon shago, a ja baya tsawon lensi sau 50, hoto ɗaya da Live View, biyar ta taga. In biyar ɗin sun dushe iri ɗaya kuma kyamararka tana da wurin saiti, ka nemi ragi ka saya. In kowanne da kalar dushewarsa, ka mayar wa mai shago kayansa.