Na ce 74HC374, aka ba ni 74HC373, wai duk ɗaya ne

Gaskiya mai shagon nan ya ɓata mini rai. Aisi 74HC374 na je nema, ya miƙo mini 74HC373 guda uku, ya ce: "Malam, ai duk kanwar ja ce, ƙafa ashirin-ashirin ne." Ni kuma na biye masa.

Fitilu takwas nake so su riƙa kamawa bi da bi. Aisin gida takwas gare shi, sai na haɗa fitar kowane gida da shigar na gaba, na jawo bugun kulok daga aisin 555, kusan bugu ɗaya a sakan, zuwa ƙafa ta 11. Ina ba da wuta, kulok na hawa, sai duka takwas suka kama lokaci guda. Na kwana ina zargin wayoyina, ashe ba ruwansu. Shi 373 laci ne kawai: muddin ƙafa ta 11 tana sama, ƙofarsa a buɗe take, abin da ya shiga D, wato shigar gida, sai ya zarce Q, wato fitarsa, daga nan ya faɗa gida na gaba har ƙarshe. Shi kuwa 374 a daidai hawan kulok kaɗai yake ɗauka.

Da na ga kuɗin motar komawa shagon ya fi kuɗin aisin, sai na jera 373 guda biyu, masta da silef. Na farko na ba shi kulok ta 74HC04 don ya juye, na biyu na ba shi kai tsaye, fitilun kuma a fitar na biyun. Kamar ƙofar banki mai ƙyaure biyu: ba a buɗe na ciki sai na waje ya rufe. Idan kulok na ƙasa, masta yana bin duk abin da ke D, silef a kulle yana riƙe da tsohon saƙo. Kulok na hawa, masta ya rufe kan abin da ya tarar, silef ya buɗe ya fitar da shi. Na gwada sauya D kulok na sama, ko gezau fitila ba ta yi ba. Taki ɗaya kowane bugu, tsaf! A nan kam har na fara yafe wa mutumin, don aisin nasa lafiyayyu ne.

Amma fa da na tuna aisi uku ke yin aikin guda ɗaya, sun cinye mini rabin biredbod, sai haushin ya dawo. Ga kuma jinkirin 74HC04: a hawan kulok, silef kan buɗe 'yan nanosakan kafin masta ya rufe. Ya yi aiki ne don saƙo ya fi daɗewa kafin ya ratsa laci, ba don dabarata ba. 373 na ukun yana nan cikin leda, kuma mai shagon ya ce ba a mayar da kaya.