UV ko Triplanar a kan dutse mai gangara?

"Jama'a, tekiscar dutsena tana kyau a fili amma a jikin gangara sai ta miƙe kamar an ja roba. In gyara UV ne ko in koma Triplanar?"

Ɗan'uwa ba laifin tekiscarka ba ne. Teren yawanci daga sama ake haska masa hoto, kamar ka riƙe tocila ka haska ƙasa, to iya tsayuwar bango iya miƙewar hoton, lissafin shi ne `1/cos(θ)`, θ shi ne digirin gangarar. A digiri 45 ninki 1.4 ne, ido ba ya ma lura. A 60 ninki biyu. Amma gangara mai digiri 80 kusan ninki 5.8 ce, wato hoton da ka saita ya rufe mita 2 zai ja har mita 11 da rabi, su ne layukan nan da kake gani suna zubowa.

Gyaran UV yana magance shi kuma ba ya cin wuta, karatu ɗaya ake wa kowane hoto, sai dai dole ka yanka dutsen ka shimfiɗa ka ɓoye ɗinki, kuma da ka sake sassaƙa shi aiki ya dawo sabo.

Shi Triplanar babu ruwansa da UV. Tocila uku yake kunnawa, ta X da Y da Z, sai ya duba inda fuskar dutsen ta kalla, wato `n`, da wurin da take, wato `p`, ya gauraya:

```
w = pow(abs(n), 4);
w /= w.x + w.y + w.z;
c = tex(p.zy)*w.x + tex(p.xz)*w.y + tex(p.xy)*w.z;
```

Wannan 4 ɗin ita ce maganar. In ka bar ta 1, a gangarar nan mai digiri 80 hoton sama zai samu kusan kashi 15 cikin 100, za ka ci gaba da ganin dishi-dishin miƙewa ka ce abin bai yi aiki ba. Da 4 rabonsa ba ya kai kashi 1. Ka ƙara da yawa kuma kan iyaka ya fito ƙarara a kwanoni.

Amma fa da kuɗinsa: hoton kala, na nomal, na rofnes, kowanne sau uku ake karanta shi, karatu 3 ya koma 9, a waya za ka ji a jikinka. Sannan nomal ɗin in ka gauraya shi kamar kala haske zai faɗo ta ɓangaren da ba rana, a Unity ka mayar da Type na Triplanar zuwa Normal, a Unreal akwai WorldAlignedNormal. Kuma in dutsen zai motsa kar ka ɗauki wurinsa daga World, hoto zai tsaya dutse ya riƙa zamewa a ƙarƙashinsa, ɗauko daga Object.

Ni dai teren da manyan gangara Triplanar nake sawa, dutse guda da kyamara za ta matso kusa kuma na zana masa tsaga a takamaiman wuri, wannan UV nake zama in yi masa.